Yadda ake rubuta wa shugaban sashe takardar neman ƙwan mikroskop da rini

A nan arewacin Kamaru, daga Ngaundere zuwa Garwa da Marwa, abin da ya fi tsayar da aikin ɗalibai a labo ba babban inji ba ne. Ƙwan fitila ne wanda bai kai kan ɗan yatsa girma ba, da kwalbar rini da ta kwana biyu a kan kanta har ta daina kama jini. Ni ma'aikacin labo ne a sashen nazarin halittu, kuma na rubuta irin wannan takarda sau da yawa. Ta farko da na rubuta layi uku ce: ƙwayaye sun ƙone, rini ya ƙare, a taimaka. Shugaban sashe ya kira ni, ya ce, "Malam, ƙwai nawa? Wane iri? In mai sayarwa ya tambaye ni, me zan ce masa?" Ban da amsa ko ɗaya. Gaskiyarsa ce, domin shi ba a aljihunsa zai ciro kuɗin ba. Zai sa hannu ne ya tura wa shugaban tsangaya, daga can ta wuce wurin masu kuɗi da mai kula da kaya, kuma duk waɗannan mutane ba wanda ya taɓa buɗe gindin mikroskop. Saboda haka takardar tana bukatar ta iya tafiya ita kaɗai daga tebur zuwa tebur ba tare da an neme ka ba.

Aikin ba ya farawa da biro. Yana farawa da zagaya labo da littafi a hannu.

Mataki na farko shi ne ka tabbatar ƙwan ne ya mutu. Mikroskop da ya ƙi kawo haske ba lalle ƙwansa ne ya ƙone ba. Cire wayar daga bango, ka bar shi ya huce, sannan ka buɗe murfin fitilar ka zaro ƙwan. Ɗaga shi ga haske ka dubi siririyar wayar da ke cikinsa. In ta tsinke, ko gilashin ya yi baƙi ko fari-fari kamar hayaƙi, magana ta ƙare. In ba ka ga komai da ido ba, ka taɓa ƙafafunsa biyu da mitar awon wuta a wurin da take yin ƙara idan waya tana da rai. Wanda ba shi da mita sai ya ɗauko ƙwan da ya san yana aiki, irinsa sak, ya sa a wurin. Idan har yanzu ba haske, ka musanya wayar wuta da ta wani mikroskop, sannan ka leƙa mazaunin ƙwan, wato ramukan nan biyu da ƙafafunsa suke shiga. Mazaunin da ya yi baƙi ko ya saki yana cin sabon ƙwai cikin 'yan kwanaki, kuma sayen ƙwai goma ba zai gyara shi ba.

Ga yadda lissafin ya kasance a misalin da za mu bi har ƙarshe. Labo yana da mikroskop 20. Guda 14 samfurin Olympus CX21 ne, guda 4 CX31, guda 2 kuma CX23 ne masu fitilar LED waɗanda ba ruwansu da wannan takarda. Takwas ba sa haske: bakwai cikin CX21, ɗaya cikin CX31. Da aka gwada, ɗaya cikin bakwai ɗin wayarsa ce ta tsinke daga ciki, ɗaya kuma mazaunin ƙwansa ya ƙone. Ƙwayayen da suka mutu da gaske shida ne ke nan, biyar na CX21 da ɗaya na CX31. Wannan bambanci tsakanin takwas da shida ka sa shi a takarda, domin shi ne yake nuna wa shugaba cewa ka duba, ba ƙiyasi ka yi daga kujera ba.

Mataki na biyu shi ne sunan ƙwan, kuma a nan ne kuɗi ya fi salwanta. "Ƙwan mikroskop" ba suna ba ne. Kowane ƙwai yana da abu uku da dole su dace: ƙarfin wutar da yake ɗauka, yawan wutar da yake sha, da irin ƙafarsa. Ana samunsu a jikin ƙwan ko kwalinsa, da kan farantin da ke manne a jikin mikroskop, da littafin da ya zo da shi. CX21 yana amfani da ƙwan halojin 6V 20W mai ƙafar G4, wato ƙafafu biyu sirara da milimita 4 a tsakaninsu. CX31 kuwa nasa 6V 30W ne, ƙafar ita ma G4. A ido kamar tagwaye suke, kuma kowanne yana shiga ramin ɗan'uwansa, shi ya sa ake rikita su. In ka sa na 30W a mikroskop da aka yi don na 20W, ka ɗora wa kayan wutarsa nauyin da ba a yi su dominsa ba, zafi kuma ya ƙaru a mazaunin. Abin da ya fi yawan faruwa ma shi ne mai sayarwa ya je shagon kayan wuta ya kawo ƙwan 12V mai ƙafar G4, irin na fitilar ado ta gida. Zai shiga ramin lafiya lau, amma haskensa ja ne dishi-dishi, da ɗalibi ya juya zuwa babban ido na 100 sai ya ga duhu. Maganin wannan shi ne ka rubuta lambar kamfani a gefen kowane ƙwai. Na 6V 20W shi ne Philips 7388 ko Osram 64250, na 6V 30W kuma Philips 5761 ko Osram 64265. Ni har mataccen ƙwan nake sa wa a ɗan ambulan in manna a bayan takardar, in rubuta samfurin mikroskop a kai.

Sai yawan da za ka nema. Kamfanonin suna ba waɗannan ƙwayaye rayuwar awa 100 a matsakaici idan an kunna su da cikakken ƙarfi. A misalinmu ɗalibai 120 ne, an raba su rukuni shida na mutum 20, kowane rukuni yana yin awa uku na tepe, wato darasin aiki da hannu a labo, a mako, har mako takwas. Awa 18 ke nan a mako, awa 144 a zangon karatu ga kowane mikroskop. Ka ga tun a takarda ƙwai ɗaya ba zai kai ƙarshen zango ba. Rage haske yana ƙara masa kwana sosai, amma hawa da saukar wuta da muke fama da su, musamman lokacin da aka tayar da janareta, suna rage masa. Don haka abin da ya dace shi ne a maye waɗanda suka mutu, sannan a ajiye ɗaya ɗaya ga kowane mikroskop mai aiki. CX21 guda 13 za su yi aiki bayan an sauya waya: biyar na yanzu da 13 na ajiya, 18 ke nan, a cike su 20. CX31: ɗaya na yanzu da huɗu na ajiya, biyar. Kada ka nemi hamsin don a rage a ba ka ashirin. Adadin da ka iya karewa da lissafi ya fi wuyar ragewa.

Mataki na uku rini ne, kuma ya fi ƙwai bukatar bayani, domin kwalbar tana iya kasancewa cike amma abin da ke ciki ya mutu. Duk wanda ya shigo ya ga kwalabe jere a kanta zai yi mamakin me kuma ake nema. Dole ka gwada, ka rubuta abin da ka gani.

Fara da Gimsa, wanda muke rina jini da shi. A wurinmu jinin shanu ake samowa daga mahauta don ɗalibai su koyi gane ƙwayoyin jini da ƙwayar cutar sammore, kuma da rinin nan ake neman ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a asibiti. Shafa siririn jini a gilashi, ka bar shi ya bushe, ka kafe shi da metanol, sannan ka haɗa kashi ɗaya na Gimsa da kashi tara na ruwa mai pH 7.2, wato ma'aunin tsaminsa, ka rina minti goma. Rini mai kyau yana ba wa cibiyar fararen ƙwayoyin jini launin shunayya mai ƙarfi, jajayen ƙwayoyi kuma su fito ruwan hoda mai ɗan toka. In komai ya yi ja, ruwanka ya yi tsami da yawa. In komai ya yi shuɗi, ya karkata ɗaya gefen. Waɗannan biyun laifin ruwa ne, ba na Gimsa ba, kuma abin da za ka nema shi ne ƙwayoyin daidaita ruwa. Amma idan ruwan daidai ne, ka tace rinin, ka ƙara masa lokaci, duk da haka cibiyar ta fito a kwaɗe kuma ɗigo-ɗigon gari ya cika gilashin, to kwalbar ta tafi. Abin da ya fi kashe ta shi ne ruwa: ɗalibi ya tsoma jiƙaƙƙen bututu a uwar kwalba, ko ya mayar da ragowar haɗaɗɗen rini ciki. Haske da barin murfi a buɗe suna ƙarasa ta, balle a zafin Maris da Afrilu na Garwa da Marwa, lokacin da ake haura digiri 40.

Na Giram kuwa, wanda ake bambance ƙwayoyin bakteriya da shi, kwalabe huɗu ne: shunayya, Lugol wato ruwan aidin, mai wanke launi, da safranin ko fushin. A cikinsu Lugol ne ke fara mutuwa. Sabo launinsa ƙasa-ƙasa ne mai duhu, in aidin ɗinsa ya tashi sai ya koma kamar shayi marar ƙarfi. Alamarsa a madubi ita ce ƙwayoyin da ya kamata su riƙe shunayya su fito ruwan hoda. Gwada da ƙwayoyin cuta biyu da ka san su a gilashi ɗaya, Staphylococcus aureus da Escherichia coli. Ta farko ta fito shunayya, ta biyu ruwan hoda. In duka biyun suka yi hoda, kuma ka tabbata ƙwayoyin sababbin shuka ne, ba ka kuma wuce lokaci wurin wankewa ba, Lugol ne ko shunayyar. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ɗalibin da ya koyi Giram da mataccen Lugol zai fita da ido marar gaskiya, kuma wata rana shi ne zai zauna a labon asibiti.

Lissafin rini da yawan gilasai ake yi. Gimsa mako uku ne, kowane ɗalibi gilashi uku a zama: 120 sau 3 sau 3, gilashi 1080. Kowane gilashi yana shan wajen mililita 3 na haɗaɗɗen rini, jimla mililita 3240, kashi ɗaya cikin goma na wannan shi ne uwar rini, mililita 324. Ƙara rubu'i don zubewa da maimaici, ka sami 405, sai ka nemi kwalbar mililita 500 guda ɗaya. Ruwan haɗi wajen lita uku ne, amma da shi ake ɗauraya, saboda haka ka nemi abin da zai yi lita goma, ka kuma dubi kwalin ka ga lita nawa ƙwaya ɗaya take yi. Giram mako biyu ne, gilashi biyu a zama, 480 ke nan. A mililita 2 daga kowace kwalba, 960, da rubu'i 1200, wato saiti biyar na masu mililita 250. Kada ka manta abokan tafiya, don rini ba ya aiki shi kaɗai: metanol lita ɗaya, da man madubi mililita 100. Na taɓa samun Gimsa sabo fil, na rasa metanol na kafe jinin, laifina ne da ban rubuta ba.

Yanzu rubutun kansa. A ofisoshinmu da Faransanci takardar za ta shiga, ko da Turanci, amma tsarinta ɗaya ne, kuma na fi son in tsara ta da Hausa a kaina tukuna. Shafi ɗaya ya isa, jerin kaya ya zama shafi na biyu. Sunanka da muƙaminka da sunan labo a sama ta hagu, gari da kwanan wata ta dama, sannan wanda ake aika wa da muƙaminsa. Layin batu ya faɗi komai, don sau da yawa shi kaɗai ake karantawa kafin a yanke inda takarda za ta. Ga yadda tamu take:

Zuwa ga Shugaban Sashen Nazarin Halittu.

Batu: Neman ƙwayayen mikroskop 25 da kayan rini kafin fara tepe na zango na farko.

Ranka ya daɗe,

Ina rubuto maka cikin girmamawa don neman a sayo ƙwayayen fitilar mikroskop da kayan rini da aka jera a shafi na biyu, kafin makon farko na tepe.

Na duba mikroskop 20 na labo ɗaya bayan ɗaya. Goma sha biyu ne ke aiki. Cikin takwas da ba sa haske, shida ƙwansu ne ya ƙone, ɗaya wayarsa ce, ɗaya kuma mazaunin ƙwansa ya ƙone, yana bukatar mai gyara. Ba mu da ƙwai ko ɗaya a ajiye. Kowane rukuni ɗalibai 20 ne, don haka a halin yanzu ɗalibai 16 cikin 20 za su raba mikroskop mutum biyu-biyu, kuma jarrabawar tepe da ake yi wa kowa shi kaɗai ba za ta yiwu a zama ɗaya ba.

Na gwada rinin da ke hannu. Gimsa ba ya kama cibiyar ƙwayoyin jini ko da an tace shi an yi amfani da ruwa mai pH 7.2. Lugol ya kwaɗe, har ƙwayar da ya kamata ta fito shunayya tana fitowa ruwan hoda. Na ajiye gilasan gwajin idan kana so ka gani.

An lissafa adadin bisa ɗalibai 120 da mako takwas. Idan kuɗin ba zai ɗauki duka a lokaci ɗaya ba, ina roƙon a fara da layi uku na farko, domin su ne ba a iya fara aiki sai da su. Ina kuma roƙon kada a sauya lambar ƙwai da wata sai an tuntuɓi labo.

Na haɗo da takardar farashi daga masu sayarwa da samfurin matattun ƙwayaye biyu. Na gode, Allah ya ƙara girma.

Ƙasan wannan sai sunanka, muƙaminka da sa hannu. Shafi na biyu kuma a buga sunayen kaya yadda suke a jikin kwali, ba a fassara su, domin wannan shafin ne mai sayarwa zai riƙe:

```
1. Lampe halogène 6V 20W G4 (Philips 7388 / Osram 64250), Olympus CX21 : 20
2. Giemsa, solution mère, 500 ml : 1
3. Kit Gram 4 x 250 ml : 5
4. Lampe halogène 6V 30W G4 (Philips 5761 / Osram 64265), Olympus CX31 : 5
5. Comprimés tampon pH 7,2 : pour 10 L
6. Méthanol absolu, 1 L : 1
7. Huile à immersion, 100 ml : 1
8. Cordon d'alimentation : 1
```

Lura da abin da babu a takardar. Ba a zargi ɗalibai ba, ba a ambaci wanda ya riƙe labo kafin kai ba, ba a tuno takardun baya da ba a amsa ba sai dai in za ka kawo lamba da kwanan watansu a layi ɗaya. Gyaran mazaunin da ya ƙone an ambace shi kawai, amma a ba shi takardarsa dabam, don sayen kaya da biyan mai gyara ba hanya ɗaya suke bi a wurin masu kuɗi ba, kuma haɗa su yana iya riƙe duka biyun. Farashi kuma kada ka rubuta daga ka. Ka karɓo takardar farashi, wadda ake ce wa firoforma, daga wurin mai sayarwa fiye da ɗaya in da hali, ka duba ko an sa harajin TVA, wanda a Kamaru kashi 19.25 cikin ɗari ne. Jimlar da aka manta da haraji a cikinta sai an dawo da ita an sake.

Lokacin aikawa yana da nauyi kamar abin da aka rubuta. Irin waɗannan kaya galibi daga Duwala ko Yawunde suke tasowa, su hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere ko su biyo mota, na Garwa da Marwa kuma su ƙara wata tafiyar. Wanda yake son fara tepe a Oktoba ko Nuwamba ya rubuta tun ana gama jarrabawa, wajen Yuni ko Yuli, lokacin da labo yake shiru kuma yana da sukunin gwada komai. Buga kwafi biyu, ka kai wa sakatariyar sashe, a buga maka hatimi da kwanan wata a naka ka ajiye. Kafin nan ka sami shugaban ka gaishe shi, ka faɗa masa da baki cewa takarda tana tafe. Bayan mako biyu ka koma ka tambayi teburin da ta kai.

Ranar da kaya suka iso, kada ka sa hannu a takardar karɓa sai ka buɗe kwali a gaban mai kula da kaya. Karanta lambar da ke jikin ƙwan kansa, ka sa ɗaya a mikroskop ka kunna. Riƙe shi da ledarsa ko tsumma mai tsabta, domin maiƙon yatsa yana ƙonewa a gilashin halojin ya rage masa haske da kwana. In ka taɓa bisa kuskure, goge da alkol ka bar shi ya bushe. Dubi ranar ƙarewar kowace kwalba, ka ƙi wadda ba za ta kai ƙarshen shekarar karatu ba ko wadda murfinta ya tsiyaye a hanya. A ranar ka rina gilashin jini ɗaya da na Giram ɗaya, ka ajiye su a gefen tsofaffin. Gimsa kuma ka zuba kaɗan a ƙaramar kwalba mai duhu, busasshiya, don aikin mako, ka rufe uwar a kabad nesa da taga, ka rubuta mata ranar da aka buɗe. Daga nan ka buɗe shafi a littafin labo ga kowane mikroskop, ka rubuta ranar da aka sa masa ƙwai da ranar da ya mutu, ka kuma manna 'yar takarda a kowane benci cewa a rage haske ƙasa kafin a kunna ko a kashe, kada kuma a ɗaga mikroskop sai ya huce. Daga wannan shafin za ka ciro adadin da za ka rubuta a takardar baɗi.